Yadda za ka koyar da tsanin shara a ajin sakandare, da kwandon sharar ajin kawai

Idan ka tambayi ɗaliban sakandare me ya kamata a yi da shara, kusan duk ajin amsa ɗaya za su ba ka, wai a sake sarrafa ta. Amsar ba laifi, amma ita ce matsalar da wannan darasin ya zo gyarawa, domin a tsarin matakai da masana harkar shara ke bi, wanda ake kira tsanin shara, sake sarrafawa mataki na uku ne, akwai abubuwa biyu da suka fi shi. Toh aikinka malam shi ne yaran su gano haka da hannunsu, ba wai ka zana musu dala a allo su kwafa su haddace ba. Abin da zan shimfiɗa a nan darasi huɗu ne na minti arba'in arba'in, da ɗan aiki na sati ɗaya a ƙarshe.

Ka fara riƙe tsanin kai kanka

Matakan biyar ne, daga sama zuwa ƙasa. Na farko hana sharar samuwa tun farko. Na biyu sake amfani da abu yadda yake, ko bayan an wanke shi ko an ɗan gyara. Na uku sake sarrafawa, wato a narka ko a niƙa abu a yi sabo da shi, kuma yin taki da ragowar abinci a nan yake shiga. Na huɗu ciro wani amfani daga abin da ya rage, galibi ƙona shi a masana'anta ta musamman a samu wuta ko zafi. Na biyar zubarwa, a kai juji a binne.

Wani ɗan majalisar ƙasar Holan mai suna Ad Lansink ne ya gabatar da wannan jerin a majalisarsu a 1979, shi ya sa har yau ake ce masa tsanin Lansink, daga baya Tarayyar Turai ta sa matakan biyar ɗin a dokarta ta shara a 2008. Ka faɗa wa yara wannan a minti ɗaya ka wuce, amfaninsa kawai su san ba ƙirƙirar littafin makaranta ba ce, abu ne da gwamnatoci ke aiki da shi.

Dalilin jerin shi ne abin riƙewa. Kowane abu kafin ya iso hannunka an riga an kashe masa abubuwa, an haƙo ko an sare, an kai masana'anta, an ƙona mai, an yi dakonsa a mota. Idan ba a yi abun ba sam, duk wannan an huta. Idan an sake amfani da shi, wahalar da aka sha sau ɗaya ta yi aiki sau da yawa. Idan an sake sarrafa shi, kayan cikinsa kawai aka ceto, siffarsa ta tafi, kuma sai an sake kashe wuta da ruwa. Kana sauka ƙasa asarar tana ƙaruwa, shi ke nan.

Darasi na ɗaya: a zazzage kwandon

Kwana biyu kafin darasin ka roƙi masu shara kar su kwashe kwandon ajin, kuma kar ka gaya wa ɗalibai dalili, don idan suka sani za su fara gyara hali kuma lissafin ya lalace. Kayan da za ka tanada: babbar leda ko tsohon tamfol na shimfiɗawa, safar hannu ta roba, bokiti huɗu ko biyar, sikeli na ratayawa, da sabulu da ruwan wanke hannu. In ka samu ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram ka haɗa da shi, zai yi amfani a darasi na uku.

Maganar tsaro ba wasa a ciki. Kwandon aji kawai, ban da na banɗaki, ban da na ɗakin shan magani, ban da na ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Kai za ka fara zazzagewa kafin yara su matso, ka cire reza, fasasshen gilashi, batir da tishu da aka yi amfani da shi. Mai ciwo a hannu ko mai asma ka ba shi aikin rubutu a allo. In da hali a yi a waje ƙarƙashin inuwa, sharar kwana biyu tana ɗan tashi.

Ka raba ajin rukuni-rukuni, amma mutum shida zuwa takwas ne kawai za su taɓa shara, sauran masu awo ne da masu rubutu da masu lissafin kaso. Kafin a buɗe, kowa ya rubuta hasashensa a takarda, wane irin abu ne zai fi nauyi a ciki. Yawanci leda da roba za su ce saboda su ne suke cika ido, sai sikeli ya nuna takarda da ragowar abinci ne, kuma wannan mamakin shi ke sa su fara sauraronka da gaske.

A ware kashi huɗu, a auna kowanne, kar a manta a cire nauyin bokitin. Bari mu ɗauki misali da za mu yi ta aiki da shi har ƙarshe, lambobin na misali ne, na ajinka za su bambanta. A ce duka sharar kilo 4 ce: takarda kilo 1.8, ragowar abinci da ɓawo kilo 1.2, robobin ruwa da na lemo kilo 0.6, leda da ƙananan fakiti kilo 0.4. Sai ka sa su ƙara raba takardar gida biyu, wadda aka rubuta gaba da baya da wadda bayanta fari ne fes. A misalinmu a ce rabi da rabi ne, kilo 0.9 kowanne. A rubuta duk wannan a kwali a manna a bango, kar a goge. Takardun masu farin baya a ajiye su a kwali busasshe, roba ɗaya da murfinta ita ma a wanke a ajiye.

A wannan darasin kar ka ambaci tsani ko kaɗan. Bar su da lambobin su kwana da su.

Darasi na biyu: tsani a ƙasa

Ka zana layi biyar da alli a ƙasan aji daga allo zuwa baya, ba tare da ka rubuta sunan komai ba. Ka ɗaga robar ruwan nan ka ce kowane rukuni ya kawo abubuwa uku da za a iya yi game da ita, kowanne a guntun takarda daban. Za ka samu irin su a sayar wa masu tara roba, a dasa fulawa a ciki, a ƙona, a jefa a kwando, a sake zuba ruwa. Da wuya wani ya ce kar a saye ta tun farko, in ba wanda ya faɗa sai ka tambaya: wanda ya zo da gorar ruwansa daga gida, roba nawa ya jefa jiya? A nan wani zai yi dariya ya ce ai babu, ka ce toh rubuta wannan ma.

Yanzu kowane mai takarda ya tashi ya tsaya a layin da yake ganin dabararsa ta dace, mafi kyau kusa da allo. Za a yi gardama, kuma ita ake so. Ka ba su tambaya ɗaya ta raba gardama: bayan an yi abin da ka faɗa, sai an ƙera sabuwar roba ko a'a, kuma in sai an ƙera, daga me? Sai sun gama jera kansu sannan ka rubuta sunayen matakan a gefen layukan. A lokacin ne za ka iya kawo karin maganar da suka sani, rigakafi ya fi magani, ta zauna daidai a kan matakin farko.

Wurare biyu ne ajin ke rikicewa kullum, ka ba su lokaci.

Na farko bambancin sake amfani da sake sarrafawa. Gwajin mai sauƙi ne: abun yana nan da siffarsa? Kwalbar da aka wanke aka sake cikawa tana nan kwalbarta, sake amfani ne. Kwalbar da aka farfasa aka narka aka yi wata, sake sarrafawa ne, kuma narka gilashi sai da zafin da ya haura digiri dubu. Shi kuma yanka roba a yi kwalliya ko abin wasa da ita, a ganina malamai sun cika ba shi muhimmancin da bai kai ba. In abin da aka yi bai maye gurbin wani abu da da za a saya ba, an jinkirta zuwansa juji ne da sati biyu, ƙari ma an shafa masa gam da fenti yadda masu sarrafawa ba za su karɓa ba. Ka tambayi yaron, wannan da ka yi, me ya hana a saya? In akwai amsa toh ya hau mataki na biyu.

Na biyu ƙonawa. Dole wani ya tsaya a mataki na huɗu da takardar da ta ce a cinna wa shara wuta a bayan aji. Ka mayar da shi can ƙasa, har ma ka sa shi ya fita daga layukan gaba ɗaya. Masana'antar da ake nufi a mataki na huɗu tana ƙona shara a rufe da zafi mai tsanani, dokar Turai ta ce hayaƙin ya kai aƙalla digiri 850 na tsawon sakan biyu, sannan a tace shi, zafin kuma a juya shi ya zama lantarki ko a ɗumama gidaje. Wutar fili ba ta kai wannan zafin, ba ta ba da komai sai hayaƙi mai guba, musamman in akwai roba irin ta PVC a ciki. Kuma don Allah kar a gwada ƙona komai a aji da sunan nuni.

Darasi na uku: su ga asarar sarrafawa da idonsu

Wannan ne darasin da ya fi cin wahala kuma shi ya fi zama a kai. Daren da ya gabata a auna giram 50 na takardar da aka riga aka cika da rubutu, in irin takardar firinta ce ta A4 kusan falle goma ke nan tunda kowane falle wajen giram 5 ne. A yayyaga ƙanana, a jiƙa a ruwa ta kwana, kuma a rubuta yawan ruwan da aka zuba. A aji a dama ta da hannu ko a kirɓa har ta zama kamar kunu, a zuba a faffaɗan baho da ƙarin ruwa, a tsoma raga mai ƙananan ido da aka ɗaure a firam a ɗago a hankali yadda ɓarɓashin zai kwanta a kai bai ɗaya. A kife a kan tsumma, a danne da soso a tsotse ruwan, a ɗora katako da littattafai masu nauyi, a bar ta kwana ɗaya ko biyu ta bushe sarai.

Idan ta bushe a auna. Ba za ta kai giram 50 ba, wani ɓangare ya bi ruwa, ka nuna musu ruwan bahon da ya yi fari-fari da toka-toka, takardar ce a ciki. Launinta ya dushe saboda tawada, kuma in aka ja ta ta fi saurin yagewa. Abu ɗaya da ke ɓata gwajin shi ne a auna tun da sauran danshi, sai nauyin ya fito ya fi na farko yara su ce an samu riba, in ka ga haka ka mayar a ƙara shanyawa. In kuma ta ƙi haɗuwa tana warwatsewa, ba a dama ta sosai ba ne ko an yi ta siririya da yawa. Daga nan ka gaya musu a masana'anta ma haka ne, zaren takarda yana gajarcewa duk zagaye, ana ƙiyasta sau biyar zuwa bakwai yake jurewa kafin ya gaza, shi ya sa kullum sai an ƙara sabon zare daga itace.

Yayin da masu takarda ke aiki, wani rukunin ya ɗauki robar da aka ajiye. Su duba gindinta za su ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku, robar ruwa yawanci 1 ce wato PET, murfin kuma galibi 2 ne ko 5, wato HDPE ko PP. Kai za ka yanka ƙananan guntaye daga jikin robar da almakashi, a jefa su a kofin ruwa tare da murfin, a juya da cokali don kumfar iska ta saki. Guntayen jiki za su nutse, murfin zai taso, saboda PET ya fi ruwa nauyi su kuma waɗancan ba su kai ruwa ba. Masana'antu da wannan dabarar suke raba su bayan an niƙa. Abin da yaro zai ɗauka a nan shi ne roba ɗaya tak ma kaya iri biyu ce, in an haɗa da takardar jikinta uku, sai an raba kafin a narka. Kuma lambar nan sunan irin robar take faɗa, ba alƙawari ba ne cewa akwai mai karɓarta. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa a cikin duk sharar robar da duniya ta tara zuwa 2015, kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai aka sake sarrafawa.

Sai dai ka yi adalci, kar yara su fita da tunanin sake sarrafawa aikin banza ne. Gwangwanin alminiyam misali, narka tsoho yana rage kusan kashi 95 cikin ɗari na wutar da ake kashewa wajen yin sabo daga ma'adini, kuma ƙarfen ba ya lalacewa da maimaitawa. Mataki na uku ne, ba na ƙarshe ba.

Darasi na huɗu: a sauko da kilo 4 ɗin mataki-mataki

Koma kan kwalin bango. Ƙa'idar ita ce ba a tsallake mataki, sai an tambayi na sama ya ɗauki abin da zai iya sannan a miƙa ragowar ga na ƙasa.

Mataki na ɗaya: in yawancin aji suka koma gorar da ake sake cikawa, a ce robobi sun sauko daga 0.6 zuwa 0.1. An cire 0.5, saura 3.5. Mataki na biyu: takardun nan masu farin baya kilo 0.9, kusan falle 180 ke nan, a ɗinke su a yi jota ta lissafi. Nan ka jira ka gani ko wani zai ce a cire 0.9 gaba ɗaya, sai ka tambaya, jotar in ta cika ina za ta? Kwandon za ta dawo. Ribar gaskiya ita ce rubutun da ya ci falle 180 yanzu falle 90 zai ci, wato an cire giram 450. Saura 3.05. Mataki na uku: takardar da ta rage kilo 1.35 ce, a ce 0.25 ta jiƙe da mai ko lemo ba mai karɓa, 1.1 ta tafi sarrafawa, robobi 0.1 su ma, ragowar abinci 1.2 a ramin taki. An cire 2.4, saura 0.65. Mataki na huɗu: in babu irin waccan masana'antar a inda makarantar take, a rubuta sifili, kar a yi ƙarya don layin ya cika. Abin da zai je juji kilo 0.65 ne daga kilo 4.

Yanzu ga tarkon, kuma yaro mai kaifin kai zai gano shi: malam, ai mataki na uku ya cire 2.4, na ɗaya 0.5 kawai, ya aka yi na ɗaya ya fi? Kar ka kauce wa tambayar, in ba wanda ya yi ma kai ka jefa ta. Sikelinmu ƙarshen tafiyar abu kawai yake aunawa. Kilo 2.4 ɗin an riga an ƙera su, an yi dakonsu, kuma yanzu za a sake kashe musu mai da ruwa da wuta, sun gani da idonsu a baho. Rabin kilon nan kuwa ba a taɓa ƙera shi ba. Tsanin yana faɗin wanda za a fara gwadawa ne, ba wanda zai fi cire nauyi ba. Game da ragowar abinci kuma ka ƙara musu dalili ɗaya, in aka binne shi a juji inda iska ba ta shiga yana ruɓewa ya fitar da iskar mitan mai ɗumama duniya, a ramin takin da ake juyawa kuwa iska na shiga, fitarta kaɗan ce.

Akwai iyaka da ya kamata manyan aji su ji. Sake amfani yana cin nasara ne kawai in da gaske an yi ta maimaitawa. Hukumar muhalli ta Ingila ta fitar da bincike a 2011 da ya nuna jakar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta fi ledar kanti da aka yi amfani da ita sau ɗaya, ta fuskar ɗumamar yanayi, saboda noman auduga da saƙa ta suna cin abubuwa da yawa. Haka gorar ruwan da aka saya aka yar bayan sati. Ita kanta dokar Turai ta yarda a kauce wa jerin in lissafin rayuwar abu daga farko zuwa ƙarshe ya nuna haka ya fi.

Satin gwaji da yadda za ka gane sun fahimta

Ajin ya zaɓi canji biyu kawai, ɗaya daga mataki na ɗaya ɗaya daga na biyu, fiye da haka ba ya ɗorewa. Bayan sati a sake awon kwana biyu, ranaku iri ɗaya da na farko, kuma a raba nauyin da yawan waɗanda suka zo makaranta a ranakun, in ba haka ba ranar da mutum goma ba su zo ba za ta zama kamar nasara. In sharar ta faɗi warwas fiye da hankali, leƙa kwandon ajin da ke kusa da bayan taga, sau da yawa can ta koma. Saboda haka ma ban son a sa gasa da kyauta tsakanin azuzuwa a kan wannan.

Wajen gwada fahimtarsu kar ka ce su jero matakai biyar, kowa zai iya. Ka ba su abin da ba a taɓa tattaunawa a aji ba, biro da tawadarsa ta ƙare, ko takalmin da ya yage, ko tsohuwar waya, kowa ya rubuta abu ɗaya da za a yi a kowane mataki da dalilin da ya sa na sama ya fi na ƙasansa. Wanda ya rubuta a sayi biro mai canjin tawada a layin farko, ya kai gyaran takalmi layi na biyu, ya kama. Wanda ya fara da sake sarrafawa, ko ya sa gyara da narkawa a layi ɗaya, ka mayar da shi kan tambayar siffa da kwalba biyu a hannu, ɗaya lafiyayya ɗaya hoton fasasshiya. Mai wayar kuma ka duba ko ya ware batirin daban, don batir ba ya shiga kwandon aji kuma ba ya shiga wuta, wurin masu karɓar kayan lantarki ake kai shi.